Inda Layin Ya Miƙe Tsaye

A makarantar babu mai kiransa da sunansa na yanka, Baban Lab kowa ke cewa, har shugabar makaranta. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na saman bene, ɗaki mai famfo shida, huɗu na aiki, da kabad ɗin gilashi wanda mabuɗinsa ba ya barin aljihunsa. Da wankin kwalabe ya fara, ba shi da wata takardar kirki. Amma Allah ya yi masa hannu. In ya riƙe makunnin buret, doguwar gorar gilashin nan mai lambobi, yana iya sakin rabin ɗigo. Malamai masu digiri kan zo su wuce, shi yana nan, kuma yawancinsu a wurinsa suka koyi riƙon fulas, kwalbar gilashin da ake haɗa ruwan gwaji a ciki, ko da yake ba za su faɗa a gaban mutane ba.

Aibinsa ɗaya, kafiya. Abin da ya shiga kansa ya zauna ke nan. Tun yana saurayi wani tsohon malami ya koya masa cewa in ana ɗiga ruwan soda mai ƙarfi a cikin asid, wurin daidaito, wato inda sodar ta cinye asid ɗin daidai ba ragi ba ƙari, yana kan bakwai a ma'aunin pH, wanda ke nuna yawan asid ko soda a ruwa. Gaskiya malamin ya faɗa, domin asid mai ƙarfi yake nufi. Baban Lab ya ɗauki maganar ya shimfiɗa wa kowane asid a duniya.

Abin haushin shi ne aikin bai taɓa tona masa asiri ba. Shekara da shekaru da sinadari mai canza launi ake aiki, a tsaya in ruwan fulas ya koma ruwan hoda. Da makaranta ta samu mitar pH, sai ya gwada da ruwan khal, wanda asid ne mai rauni. Mita ta nuna bakwai a mililita ashirin da huɗu da ɗigo tara, launi ya juya a ashirin da biyar. Tazarar ba ta wuce ɗigon ruwa biyu ko uku ba. Ya ce to ga shi nan, ya ƙara ɗaure maganarsa tamau.

'Ya'yansa biyar, Auta kaɗai ta ɗauko shi. Tana son karatun haɗa magunguna, kuma gurbin da take nema a jami'a sai da sakamako mai kyau a jarrabawar gwajin kimiyya. Shi ya fi ta son abin. Kullum bayan an tashi yakan tsayar da ita a lab, ta yi gwaji ta sake, har hannunta ya kusa kamo nasa. Sau ɗaya ta ce masa malamarsu ta faɗi wani abu dabam game da asid mai rauni. Ya yi dariya ya ce malamar da aka haifa yana kan wannan aikin ce za ta koya masa? Ya ce mata in ta shiga jarrabawa ta nemi bakwai a gefen giraf, ta ja layi har ya taɓa zanen, ta sauko ta karanta mililita.

Aka yi jarrabawa a wata cibiya. Da sakamako ya fito, takardar gwajin ce ta kayar da ita, gurbin ya wuce ta da maki kaɗan. Baban Lab ya tada jijiyar wuya, ya ce masu duba takarda ne suka yi zalunci. Ya sa Auta ta kwafo masa lambobin da ta rubuta a bayan takardar tambayoyi, ya zana giraf ɗin da kansa, washegari da safe ya kai wa malamar kimiyya don ta taya shi rubuta ƙorafi.

Malamar yarinya ce mai kunya, tana ganin girmansa ƙwarai. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta jawo masa kujera. Ta bi layin da bakin biro. Layin ya tashi daga wajen pH uku da rabi, ya ɗan hau, sannan ya kwanta yana tafiya a hankali. Ta ce wannan kwanciyar ta asid mai rauni ce, ragowar asid da gishirin da ya samu suna riƙe pH ɗin, ba sa barin ya yi tsalle. Bakwai ɗinsa kuwa a kan wannan kwanciyar ta faɗa, a ashirin da ɗigo takwas, alhali kusan kashi ɗaya cikin shida na asid ɗin bai ƙare ba. Ta matsa gaba zuwa ashirin da biyar, inda layin ya miƙe tsaye kamar bango.

"Baba, tsakiyar wannan tsayuwar ake dubawa. Nan ne wurin daidaito, kuma ka ga pH ɗin tara da rabi ne."

Ya ce ruwan da aka kashe wa asid ai ba ya wuce bakwai. Ta ce gishirin da asid mai rauni ke bari shi kansa yana karkata ɓangaren soda in yana cikin ruwa, shi ya sa wurin ke haura bakwai, kuma iya raunin asid iya haurawar. Na khal yana wajen takwas da ɗigo bakwai, amma shi tsayuwar layinsa ta fara tun kafin bakwai, don haka kuskuren ke ɓuya. Na jarrabawar ya fi khal rauni nesa ba kusa ba. Kuma tun da aka karanta mililita ba daidai ba, ƙarfin asid ɗin ya fito ba daidai ba, rabin hanya inda ake karanta raunin asid shi ma ya goce. Tambaya huɗu suka bi ta farko suka faɗi.

Bai yi musu ba, abin da ba a saba gani ba. Ya naɗe takardar, ya je ya wanke buret goma sha biyu waɗanda tun jiya a wanke suke. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Ya tuna ɗaliban da ya raɗa wa wannan bakwai ɗin cikin shekarun nan, waɗanda ko fuskokinsu ba zai iya kawowa ba.

Da ya koma gida da la'asar ya tarar da Auta tana kwashe shanya. Ya kira ta, ya shimfiɗa giraf ɗin a kan tebur, ya yi mata bayani tiryan-tiryan yadda aka yi masa. Ya ce laifinsa ne, ba na masu dubawa ba. Yana jiran ta yi mamaki ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba, kayan shanyar na rungume a ƙirjinta.

"Na gani, Baba," ta ce. "A ɗakin jarrabawar na ga inda ya miƙe. Har na sa alama da fensir a ashirin da biyar."

"To me ya hana ki?"

"Na ce ba zai yiwu in fi ka sani ba. Sai na goge."

Ta shige ɗaki da kayan. Shi kuwa yana nan zaune har uwarta ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya.