Zaren Shagon Aski

Wa ya fara cewa ɗaure mutane muke yi? Har yau ban sani ba. Rubuta, jikata, kada ki kula da hawayena.

Maigidana mai aski ne kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Bayan an canja kuɗi zuwa naira, wani ya buɗe shago da injin aski na lantarki, ma'aikatan reluwe suka fara komawa can. Maigida yana fama da tari, ga kuɗin haya. Tsoro ya kama ni.

Ya ce, "Uwargida, duk wanda ya zo sau huɗu, na biyar kyauta."

Na ce, "Maigida, ranar Asabar ma? Ana layi saboda sujadar Lahadi, ka zaunar da na kyauta, mai biya ya gaji ya tafi?"

Ya yi dariya, ya ce da na yi makaranta da na sayar da shi. Muka tsaya a kan tara, na goma kyauta, Talata ko Laraba kaɗai, lokacin da kujera take zaune banza, asararmu reza da sabulu. Askin kai kawai, gemu a biya. Ba a ba ɗa ko ƙane kyautar wani.

Ba mu iya rubutu ba, sai na kawo dabarar zare. Kowa da nasa a ƙusa, da ƙyalle don in gane shi. Ya yi aski, in yi ƙulli. A shago muke ajiyewa, kada wani ya ƙara ƙulli a gida. Mutane suka dawo, har Laraba ta daina zama shiru.

Sai ƙafar wani mai zuba gawayi a jirgi ta kumbura. Matarsa ta zo tana ihu, wai ga gashin mijinta a ƙasa, ga ƙulli a bango, me ya rage? Kafin Lahadi magana ta kai kasuwa. A majami'a matan da ke kusa da ni suka matsa. Asabar ta zo, babu ko mutum ɗaya, sai masu leƙe daga nesa.

Wani dattijon ikilisiya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, na san lissafi ne. Amma ki ƙone zaren nan duka."

"Baba, naka saura ɗaya ya cika."

Ya juya ya tafi, bai shigo ba.

Na roƙi maigida mu ƙone, ina tsoron a cinna wa shagon wuta. Ya ƙi, ya ce alkawari ne ya yi wa mutane. A makon nan tarin ya fara fitar da jini. Da ƙannensa za su kai shi asibiti, suka ce in tsaya in tsare shago. Ban sake ganinsa da rai ba. Suna ɗora shi a mota ya kama hannuna.

"Uwargida, kada ki kwance ko ɗaya. In sun zo, ki ce musu Talata ina nan."