Marin tsoho Kuramoto

Sabitri 'yar Nepal ce, tare muke kula da tsofaffi a Gifu, ƙasar Japan. Aiki ba ya ba ta tsoro, rubutun Japananci ne dodonta. Ranar da tsoho Kuramoto, ɗaya daga cikin waɗanda muke kula da su, ya kwaɗa mata mari, ta rubuta wa ɗansa saƙo, ta miƙo mini wayar in duba mata kafin ta tura.

Na karanta. "Ke! 'O' kika sa bayan sunan tsohon maimakon 'ga'. Ai kin ce ke kika mare shi! Korarki za su yi."

Na gyara. Rabin jimlolinta na ladabi ne, rabi kamar tana hira da ƙawarta. Na mayar da su duka na ladabi.

"Saura ki ba ɗan nasa haƙuri, haka ake yi a nan," na ce.

Ta rubuta, kuncinta a kumbure.