Agogon Baba Sake-Awo

Baba Sake-Awo ya samu laƙabinsa ne daga bakinsa. Shekara hamsin da ɗoriya yana aikin kafinta, kuma duk wanda ya taɓa riƙe masa katako ya sha jin kalmar nan: "Sake awo." Ko matarsa, Allah ya jiƙanta, da sunan take kiransa idan ya ishe ta da mita. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi, tsakanin tela da mai walda, da teburin aiki wanda ya girmi 'ya'yansa duka, da zarto uku a jikin bango. Da waɗannan ya aurar da yara biyar, ya kai autarsa har ta zama nas a wani babban asibiti da ke can ƙetaren gari.

Da ya haura saba'in, jiri ya fara ɗibarsa jefi-jefi. Babban ɗansa ya ce a rufe shagon, Baba ya koma gidansa ya huta. Baba ya ce hutu na kabari ne. Ana cikin ja-in-ja sai Auta ta zo da agogo baƙi mai fuska kamar ƙaramar waya, ta ɗaura masa a hannun dama, domin na hagu yana da tsohon targaɗe.

"Baba, ga sharaɗi. In kana saka shi, shago naka ne. In ka cire, Yaya ya yi nasara."

"Wato kin kawo min ɗan sanda."

"Mai gadi dai. Akwai na'ura a ciki da ke jin saurin motsin hannunka da juyawarsa. In ta ji ka yi ƙasa da ƙarfi ka bugu, agogon zai girgiza, ya yi ƙara, ya tambaye ka. Ka taɓa nan, ka ce lafiya kake. In ya ji shiru, ba motsi kamar minti ɗaya, zai fara ƙirga, sannan ya kira masu agajin gaggawa, ya turo min saƙo da wurin da kake. Amma wayarka ta zauna kusa, ta cikinta yake kira."

Ta kuma nuna masa maɓallin gefe: in ya danne shi ya riƙe, zai yi kiran da kansa. Ta ce ba kowace faɗuwa agogon ke ganewa ba, wanda ya sulale a hankali yana iya wuce shi.

Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne ɗabi'ar ubanta. Baba in ya haɗa ƙafar kujera da jikinta, ba ya ɗaukar guduma, wai tana raunata katako. Hannu yake ɗagawa sama ya kawo mata duka da tafi, tim! Sannan ya bar hannun a wurin, ya rufe ido ɗaya, ya tsaya ƙiƙam yana duban ko ta miƙe. Yakan yi minti biyu a haka, ko ƙuda bai kora ba. To, hannu ya yi ƙasa da gudu, ya bugu, ya yi shiru. Me agogo zai ce in ba tsoho ya faɗi ba? Ga kunnen Baba ya yi nauyi, ga injin mai walda yana kuka, ga fatar hannu ta yi kanta, don haka bai jin ƙarar agogon balle girgizarsa.

Ranar farko Auta ta baro aiki a guje, ko takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba, ta tarar da shi yana shan shayi. A karo na biyu motar asibiti ce ta shigo layin da jiniya, mutane suka cika ƙofar shago, wata maƙwabciya har ta fara salati. Baba ya fito da fensir a bayan kunne yana tambayar wa ya mutu.

"Kai ne, in ji agogonka," in ji tela, yana dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, in Baba ya zo wucewa sai ya ce, "Marigayi, an tashi lafiya?"

Baba yakan taya shi dariya, amma abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ya ɗaga masa katako ba, yau shi ake yi wa jiniya. Sai ya horar da kansa. Da ya ji ɗan motsi a wuyan hannu, kafin agogon ya buɗe baki, yatsansa ya riga ya taɓa "lafiya nake". Har ya zama ba ya ma dubawa. Wata huɗu babu wanda ya sake gudu a banza, Auta ta yaba masa, babban ɗan ya daina maganar rufe shago.

Wata Talata da hantsi ya taka benci zai sauko da wani katako daga saman rufi. Tela ya tafi sayen zare, mai walda ya kunna injinsa. Ɗakin ya juya masa sau ɗaya, sai ga shi a ƙasa ta gefen dama, tsakanin teburi da bango inda ba a hangowa daga waje. Agogon ya girgiza. Yatsan Baba ya yi abin da ya saba, ya ce lafiya yake. Agogon ya yarda, ya koma nuna lokaci: sha ɗaya saura kwata.

Sai da ya yunƙura zai tashi ya gane. Wani azababben ciwo ya soke shi a ƙugu, ƙafar ta ƙi bin umarni. Ya kira tela, ya kira mai walda, muryarsa ba ta ko kai bakin ƙofa ba. Ya kwanta cikin garin katako yana kallon ƙarƙashin teburinsa, inda ya ga wata ƙusa da ya buga a karkace tun yana saurayi.

Maɓallin gefe yana nan, ya san aikinsa sarai. Ya kuma san abin da zai biyo baya: jiniya, taron 'ya'ya, kwaɗo a ƙofar shago, da ɗaki mai labule a gidan ɗansa inda za a riƙa kawo masa abinci ana ce masa sannu. Tsoro ya kama shi, kuma na wannan ɗakin ya fi na ciwon. Ya ce bari ya ɗan huta, wataƙila ƙafar ta saki. Ya gwada sau uku. A na ukun har ya ga duhu.

Sha ɗaya da rabi ta gota lokacin da ya kai hannun hagu ya danne maɓallin, ya riƙe. Agogon ya ƙirga, wata murya ta amsa, ya gaya mata layin da shagon ba tare da ƙari ba. Suna gamawa kiran Auta ya shigo, saƙon ya riga ya isa gare ta. Dariya ce a muryarta, ta cikin ɗan lasifikar agogon.

"Baba, wace kujerar ce kuma ta sha mari yau?"

A iya saninsa bai taɓa ce wa ɗansa ko 'yarsa ya zo ya taimake shi ba.

"Auta," ya ce, "ba kujera ba ce. Ki zo ki ɗauki babanki."