Kujerar da Safara'u Ta Nema

Ni da Safara'u a layi ɗaya muke, a wata masana'antar biskit da ke Sharada. Tana hannun damata, bel yana kawo mana fakiti, muna jerawa a katan. Na same ta a wurin, kuma ni ma ba jiya na zo ba. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, tana da difloma a harkar kasuwanci wadda ta kwana biyu a ƙasan akwati a gidansu a Dorayi. Mijinta Gali direban motar kaya ne a Challawa, yau akwai lodi gobe babu, saboda haka tukunyar gidan rabi a kanta take.

Aikinmu na tsayuwa ne. Akwai wani benci a bayan layi da ake ɗan ɗosana wa idan inji ya tsaya, shi ke nan. Tun bayan haihuwarta ta ƙarshe ƙafafun Safara'u suka fara kumbura, jijiyoyi suka fito mata ruɗu-ruɗu a ƙwauri, har wani wuri kusa da idon sawu ya yi baƙi yana neman fashewa. Likita ya ce mata ko ta bar doguwar tsayuwa, ko wurin ya zama gyambon da zai daɗe bai warke ba. Ni kaɗai ta gaya wa. A kamfaninmu ba a korar mutum don rashin lafiya, Allah ya kiyaye, sai dai duk wadda ta kai takardar likita, idan aka tashi rage ma'aikata sunanta ne a sama. Mun gani ba sau ɗaya ba, don haka safa mai kauri take sawa ta yi shiru.

Ana haka aka manna sanarwa a allon bakin get. Ana neman mutum ɗaya a ofishin kula da kwastomomi, kuma na cikin gida ma zai iya nema. Aikin shi ne amsa waya da saƙonnin diloli: wannan an kai masa katan a farfashe, wancan kayansa ba su cika ba, wani yana zage-zage motarsa ta makara. Ka saurara, ka shigar a kwamfuta, ka bi sawu har a warware, ka kira mutum ka gaya masa. An ce a kawo takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar da ke bayyana dalilin da zai sa a ɗauke ka. A ƙasa an rubuta cewa an fi son wanda ya taɓa irin aikin.

Safara'u ta daɗe a gaban allon. Da muka wuce ta ce min, "Mas'uda, kin san a zaune suke yinsa?"

Na ce, "To nemi mana. Me aka fi ki?"

Ta fara zuwa shagon masu buga takardu. Mutumin wurin yana da wasiƙa guda a kwamfuta da yake canja wa suna, ya bugo mata ita da Turanci mai kauri, har da cewa ta shekara da shekaru tana kula da kwastomomi. Da ta karanta mana a lokacin hutu na yi dariya har na ƙware. Na ce, a ina, a mafarki? Mutanen da za su karanta su ne ke ganinki kullum da hular leda a kai. Ta yage ta.

Ta biyun da hannunta ta rubuta. Wannan kam ta sa ni hawaye. Ta faɗi maganar ƙafarta, ta faɗi 'ya'yanta, ta roƙa don Allah don Annabi a taimaka mata da wurin zama. Sai ta kai wa ƙaninta Muhammad Nazir ya gyara mata Turancin. Ma'aikacin gwamnati ne a sakatariya, ya saba ganin irin waɗannan takardu. Na raka ta gidansa a Hotoro ranar Lahadi.

Ya karanta, ya ajiye. "Yaya, wannan ba wasiƙar neman aiki ba ce, ta neman taimako ce. Su ba tambayarsu me aikin zai yi miki ba, tambayarsu me za ki yi musu. Maganar ƙafa kuma ki cire ta gaba ɗaya."

"To me zan ce? Ban taɓa aikin ba."

"Ki faɗi hakan a layi ɗaya, kada ki ba da haƙuri a kai. Sai ki nuna musu abin da kika yi mai kama da shi. Kin taɓa fuskantar mutum yana cikin fushi kika saukar da shi?"

Ta tsura wa tabarma ido. Ita irin mutanen nan ce da idan ka ce su faɗi alherinsu sai ka ga kamar ka ce su tuɓe a kasuwa. Ni na ara mata baki. Na ce, wa ya hana layinmu ajiye aiki ranar da aka soke hutun sallar azahar, ta je ta yi magana da sufabaiza aka dawo da shi ana fita rukuni-rukuni? Wa ake tura wa sababbin 'yan mata na ƙauyukan Jigawa da na Nijar su koyi aiki, waɗanda da sati suke yi su gudu, yanzu suna zama? Direbobi idan sun cika bakin sito suna ihu, wa ake kira? Na yi ta zubawa, Muhammad Nazir yana rubutu yana gyaɗa kai.

Wasiƙar da ta fito shafi ɗaya ce, da Turanci mai sauƙi. Ta ambaci aikin da take nema da inda ta ga sanarwa. Ta ce ba ta taɓa zama a teburin kwastomomi ba, amma shekarunta a layi sun koya mata sauraron mai fushi har ya gama, da gano ainihin abin da ke damunsa, da bin magana har ta mutu. Ta kawo misalan nan. Ta ce ta san kayan kamfani daga kwaɓi har katan, tana iya karanta lambar jikin katan ta san ranar da aka yi shi da layin da ya fito, wanda zai taimaka idan dila ya kawo ƙorafi. Ta ce tana koyon kwamfuta da yamma, kuma gaskiya ne, ta fara. Ta rufe da neman a ba ta damar intabiyu. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Da aka karanta mata ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Wai duk ni ce wannan?"

Aka kira ta intabiyu. Na ara mata jakata mai kyau. Ta hau benen ofis a hankali tana dafa ƙarfe, ni ina ƙasa ina jera biskit ina addu'a har na manta na cika katan biyu ba daidai ba.

Abin da ya faru a sama ita ta ba ni labari. Hajiya Mubina, shugabar sashen ma'aikata, tana zaune da wasiƙar a gabanta, ta ja layi da biro ƙarƙashin misalan. Kusa da ita manajan sarrafa kaya, wanda ba a saba ganinsa a irin wannan intabiyu ba. Hajiya ta ce a duk takardun da suka zo babu wadda ta kai tata. Ta ce ta daɗe tana mamakin me ya sa layinmu na uku ne kaɗai ba ya kawo mata ƙara, ba ya zubar da sababbin ma'aikata, sai yanzu ta gane. Shi ya sa ta kai wa manaja ya karanta.

Manajan ya ce, "Mai amsa waya za mu samu gobe. Irinki a ƙasa ba za mu samu ba."

Sun ɗauki wata yarinya da ta taɓa aikin amsa kira a kamfanin sadarwa. Ita kuma Safara'u suka ba ta shugabancin layukan tattara kaya gaba ɗaya, da ƙarin albashi, da farar riga.

Na ce, "Ba ki ce musu kujerar kike so ba?"

"Na ce, Hajiya, da dai kun duba min wancan ɗin. Ta ce me zan yi da ƙaramin matsayi ga babba? Ta tambaye ni ko akwai wani dalili."

"Sai kika ce me?"

"Na ce babu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga. Hajiya ba mugunta ta yi ba, a ganinta alheri ta yi. Muhammad Nazir ya faɗi abin da ake yi ne, kuma wasiƙar ta yi aiki. Ita kuma da ta buɗe baki ta ce ƙafa, da ta rasa aikin saman, ta kuma sa sunanta cikin waɗanda za a rage a ƙasan. Shugabar layi ba ta da benci. Mu idan inji ya tsaya muna zama, ita lokacin ne take gudu neman injiniya. Daga wannan bango zuwa wancan take yini, a kan siminti.

Ranar da ta sa farar rigar mata suka yi mata guɗa a ɗakin canja kaya. Gali ya yi ta kiran 'yan'uwa yana ba da labari, surukarta ta aiko da sa albarka. Ta yi ta amsa barka tana murmushi. Wa za ta ce wa ba ta so?

Wurin nan na idon sawu ya fashe kafin azumi. Tana wanke shi da asuba ta naɗe, ta ɗora safa. Amma ba ta haƙura ba, wannan kam na yaba mata. Muhammad Nazir ya gyara wasiƙar, ya sa sabon matsayinta tunda dole a faɗi aikin da mutum yake yi, ta aika wa wasu kamfanoni a Challawa da Bompai da ke neman masu kula da kwastomomi. Yawancinsu shiru. Ɗaya ya ce sai wanda ya taɓa yi.

Makon jiya muna cin abinci a gindin katanga wayarta ta yi ƙara. Ta miƙe ta ɗan matsa, na ji tana ta "na'am, ranka ya daɗe." Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta miƙe ƙafar a hankali.

"Na Bompai ne," ta ce. "Wai wasiƙata ta burge su. Suna tambaya yaushe zan iya farawa."

Na ajiye cokali. "Alhamdu lillahi. A ofis?"

"Sun ce wancan sun riga sun cike shi. Shugabar layi suke nema, tasu ta ajiye aiki."

Jiniyar komawa aiki ta yi kuka. Ta rufe kwanonta, ta miƙo min hannu ta ce, "Ɗaga ni."