Minti Ashirin Ɗin Mai Tifa

Ranar da manaja ya karɓe makullin maƙwabcinmu Mai Tifa, wandonsa ma sai da ya juya masa baya. Yana saukowa daga mota ƙofa ta kama shi, ya yage har gwiwa. Haka ya ratso layinmu da hula a bayansa, yana gaishe mu a karkace kamar ƙaguwa.

Shekara goma sha tara yana jigilar yashi bai taɓa take ko kaza ba. Laifinsa wai satar lokaci, minti ashirin a kowane sawu.

Daga gareji zuwa ramin yashi kilomita sittin ne. Ba kaya yana gudun sittin a awa, da kaya talatin. Akawun kamfani ya haɗa sittin da talatin ya raba biyu, ya rubuta arba'in da biyar, wato zuwa da dawowa awa biyu da minti arba'in. Mai Tifa kuwa kullum awa uku cur. Akawun nan ƙanin matarsa ne. A ɗakin zaurensa ya girma, Mai Tifa ne ma ya roƙar masa aikin.

Da yamma ƙanin ya shigo yana sosa ƙeya.

"Yaya, tun wata guda na gano takardar ce ba daidai ba. Awa ɗaya kake yi a sittin, awa biyu a talatin. Tafiyar hawainiyar ta fi cin lokaci, ita ke jan lissafin ƙasa. Ɗari da ashirin cikin awa uku, arba'in ke nan."

"To me ya rufe maka baki?"

"In na faɗa, kujerata."

Mai Tifa ya dube shi, ya dubi wandon da ke hannun matarsa tana ɗinkewa.

Washegari ya tare manaja a bakin ofis. "Ranka ya daɗe, shiga mu je sawu ɗaya. Kai ka riƙe agogo." Manaja ya sha jijjiga, ya dawo da yashi har cikin kunne, idonsa bai bar allurar gudu ba, ba a tsaya ko fitsari ba. Awa uku. Manaja ya miƙa masa makulli yana kallon gefe.

Mai Tifa bai tona yaron ba, kujerarsa na nan. Amma kwanon abincin da ake ajiye masa a gidan ya koma kan kantar kwanuka a kife.

Ran nan yaron ya zo ya durƙusa a ƙofa, muna zaune a benci mun baza kunne.

"Yaya, kuskure ne fa. Kowa na yi."

Mai Tifa ya ci gaba da goge takalminsa.

"Kwana ɗaya ka yi kana kuskure, kwana talatin kana shiru. Kai ne mai boko. Wannan ma haɗawa za ka yi ka raba biyu?"