Mardiyya da Tsutsar Hatsi

Mardiyya 'yar garin Ɗan Kassari ce, tun tana ƙarama ba ta wuce zangarniya ba ta leƙa ba. Yanzu aikin gona take karantawa a Yamai. Da ta zo hutu neman wurin koyon aiki, sai ta tsara bayanin kanta a LinkedIn: haziƙa, jajirtacciya, mai hangen nesa. Ta fassara wa Inna.

Inna ta ce, "Yaushe wannan baƙuwa za ta iso, a yi mata shimfiɗa?"

Mardiyya ta cika ta batse, amma ta goge. Ta rubuta: "Ɗalibar aikin gona. Ina yaƙi da tsutsar hatsi, a gonar babana na fara."

Baba ya gyaɗa kai. "Kin yi gaskiya, ɗiyata. Sai ki ƙara cewa har yanzu tsutsa ke gaba."