Maganin da ke cikin kula

A shekarar da na gama bautar ƙasa na samu aiki a wani kantin magani a Haɗejiya, kusa da hanyar da ake bi a fita Auyo. Watan Afirilu ne, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, masu shinkafar rani kuma suna shigowa da taɓo a ƙafa suna neman maganin ciwon baya. Idan babu mutane nakan zauna kusa da firij ina kallon shamuwa a kan bishiyar tsamiyar da ke ƙetaren titi.

Wata Litinin da yamma wata mata ta shigo da yarinya 'yar shekara uku a kafaɗa. Malamar gona ce, kullum da safe tana hawa babur zuwa Auyo, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Yarinyar tana wuni a wata makarantar renon yara. Tari da zazzaɓi ne suka kama ta, likita ya duba ta, ya ce ciwon ya sauka a ƙirji amma bai kai a ba ta gado ba. Ya rubuta amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, na ruwa, mili huɗu sau uku a rana, kwana bakwai. Ya ce idan zazzaɓin ya sauka tana iya komawa makaranta.

Na buɗe kwalbar, na girgiza garin, na zuba tafasasshen ruwan da ya huce har zuwa layin da ke jikinta, na rubuta ranar a kai. Muka raba lokaci: shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Na safe da na dare suna hannun uwa. Na rana ne matsalar.

"Shugabar makarantar ba ta yarda a ba yaro magani sai da takarda," in ji ta. "Don Allah ƙanwata, ki rubuta musu, ki buga hatimi. Maganata ni kaɗai ba za su ji ba."

Ban taɓa rubuta irin wannan wasiƙa ba. Na fara da doguwar gaisuwa, har na kwatanta yara da tsiron shinkafa, sai na ga uwar tana duban agogo. Na yaga takardar na sake. Abin da na rubuta, kamar yadda na iya tunawa, shi ne:

"Zuwa ga shugabar makaranta. Bayan gaisuwa. Wannan yarinya tana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. A ba ta mili huɗu da ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da za ta fara cin abinci. A girgiza kwalbar sosai kafin a ɗiba. A auna da sirinjin da ke cikin kwalin, ba da cokalin shayi ba, a zuba a hankali ta gefen kunci. Maganin yana zama a firij, amma ba a wurin da ke daskarar da ruwa ba. Idan babu firij, a sa shi a kula mai ƙanƙara, a naɗe kwalbar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. Idan an manta, a ba ta da zarar an tuna, a gaya wa mahaifiyarta lokacin, kada a ninka. Kada a daina don an ga ta ji sauƙi, kada kuma a ba wani yaro. Idan aka ga ƙuraje a jikinta, a dakata a kira mahaifiyarta. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta asibiti nan take."

Na sa hannu, na buga hatimi. Na ji daɗin wasiƙar. A ganina babu abin da na bari.

Ranar Juma'a da hantsi matar ta dawo, ba ta je aiki ba. Ta ajiye kwalbar a kan kanta.

"Dubi wannan. Haka yake zama?"

Maganin da na haɗa fari ne mai ɗan duhu, kamar madara. Wanda ke gabana ya koma rawaya, yana neman zama ruwan ƙasa. Ta ce zazzaɓin ya sauka ran Talata, yarinyar ta koma makaranta ran Laraba, jiya da dare kuma jikin ya sake ɗumi, tarin ya ƙaru. Na tambayi yadda take ajiye shi a gida. Suna da firij mai sola, kuma da safe tana sa kwalbar a ƙaramar kula da ƙanƙara biyu, ta miƙa a ƙofar makaranta. Da yamma a dawo mata da ita a cikin kular, sai dai takan ji kwalbar da ɗumi, tana zaton ƙanƙarar ce ta narke.

Na ce ta koma wurin likita yanzu, kada ta sake ba yarinyar na wannan kwalba. Bayan awa biyu ta kira ni. Likita ya saurari ƙirjin, ya ce a haɗa sabuwar kwalba a sake fara kwana bakwai daga farko. Idan zuwa Litinin da yamma babu sauƙi, ko numfashinta ya yi sauri kafin nan, zai kwantar da ita a koma allura.

Da ta dawo kantin na haɗa sabuwar kwalba. Asabar da Lahadi maganin yana gida, ban damu ba. Uwar ta ce jikin ya yi sanyi ran Lahadi, don haka Litinin yarinyar za ta koma makaranta, kwalbar ma za ta koma inda ta farko ta lalace. Na nemi izini a wurin aiki, na hau ɗan sahu wajen ƙarfe ɗaya.

Makarantar gida ce da aka mayar, ɗaki uku da tsakar gida mai bishiyar dalbejiya. Shugabar ta karɓe ni da fara'a, ta buɗe durowa ta ciro wasiƙata daga cikin fayil, ko lanƙwasa babu.

"Ga ta nan, mun adana," ta ce.

"Ranki ya daɗe, wa ke ba ta maganin?"

"Iya ce. Duk abin da ya shafi ci da sha na yara a hannunta yake. Na gaya mata ƙarfe biyu, na nuna mata layin sirinji."

Iya dattijuwa ce, ta kai shekara sittin, ita ke yi wa yaran wanka da ba su abinci. Na same ta a bayan ɗaki tana rarraba shinkafa da wake a ƙananan kwanuka. Na durƙusa na gaishe ta. Kular tana gefe, a rufe. Kwalbar kuwa tana tsaye a cikin wani kofin silba mai ruwan zafi, kusa da filas ɗin shayi. Na sa yatsa a ruwan, na janye da sauri. Na cire kwalbar. Ta ce yanzun nan ta saka, don yau aiki ya yi mata yawa. Ran Laraba da Alhamis kuwa tun da safe take fito da ita ta ajiye a taga rana ta buge ta, in lokaci ya matso ta ƙarasa da ruwan zafi.

"Iya, me ya sa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin sa gishiri a miya.

"Ke 'yata, yarinyar da sanyi ya kama wa ƙirji, ita za a ɗura wa abu daga cikin ƙanƙara? Na goyi tara, na yaye tara. Ke nawa kika goya?"

"Ko ɗaya, Iya."

"To, kin gani."

Wata malama da ke wucewa ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Yau likita ta haɗu da babban likita."

Ban ji haushi ba. Na tuna kakata ma ba ta bari mu sha ruwan randa idan muna mura. Na zauna a kan tabarmar, na tambayi Iya ko an karanta mata takardar. Ta ce ita ba ta yi boko ba, an dai ce mata biyu, an ce nan ne layi. A lokacin na gane cewa na rubuta wa mai ofis, alhali mai sirinji tana bayan ɗaki. Kuma ko da an karanta mata, na ce a sa a sanyi ban faɗi dalili ba, ban kuma faɗi abin da za a yi da sanyin ba.

Na ciro tsohuwar kwalbar daga jakata, na jera ta da sabuwar.

"Wannan ce ta makon jiya. Zafi ne ya mai da ita haka. Irin wannan magani da zarar an zuba masa ruwa kamar ɗanyen kifi yake, in ya wuni a rana ya tashi daga aiki. Yarinya za ta haɗiye, amma ƙarfinsa ya ragu."

Ta ɗauki kwalaben biyu, ta ɗaga su a haske, ta daɗe tana kallo.

"Wato ni na dawo mata da zazzaɓin?"

"Allah kaɗai ya san wannan, Iya. Ni ce ban yi bayani yadda ya kamata ba."

"Amma ni fa ba zan ba ta abu mai sanyi ba. Hannuna ba zai iya ba."

Sai dabara ta faɗo mini. Ba kwalbar take bukatar ta yi ɗumi ba, abin da zai shiga bakin yarinyar ne kawai. Na girgiza kwalbar, na ja mili huɗu, na rufe ta na naɗe da tsumma na mayar cikin kula. Sannan na sa sirinjin a tafin hannun Iya na naɗe yatsunta a kai.

"Ki riƙe haka minti biyu ko uku. Ɗumin hannunki ya isa. Kwalba kuma ba ta kwana a waje, ba ta wuni a waje."

Ta riƙe, tana motsa leɓe. Can ta ɗiga ɗan mitsitsi a bayan hannunta, kamar yadda ake gwada madarar jariri, ta gyaɗa kai. Na ce gwajin na yau ne kaɗai, na cika abin da ya ragu, gobe duka na yarinya ne. Ta harare ni, ta ƙwala wa yarinyar kira: "Zo nan, kishiyata, zo ki sha." Yarinyar ta zo ta zauna a cinyarta, ta buɗe baki ba gardama, ta bi da lomar shinkafa.

Kafin in tafi na karɓi wasiƙar daga shugabar, na ƙara layi uku a ƙasa da biro: kada a sa kwalbar a rana ko a ruwan zafi, domin zafi yana lalata maganin, a ɗumama abin da aka ɗiba kaɗai a cikin hannu, idan launinsa ya yi duhu, kada a ba ta, a dawo da shi. Na karanta wa Iya ita duka da ƙarfi, daga gaisuwa har hatimi. Da na zo wurin da na ce kada a ba wani yaro, ta ce da ma tana shirin sam wa wani mai tari, gara da na faɗa. Muka manna takardar a murfin kular da salatif.

Da yamma likita ya sake sauraron ƙirjin, ya ce a ci gaba da na sha, babu bukatar gado. Ranar Juma'a uwar ta biyo ta kantin a kan hanyarta ta dawowa daga Auyo, ta ce an shanye na ƙarshe da safe, ta tambayi yadda za ta yi da ɗan abin da ya rage a gindin kwalba. Na karɓa na sa a kwandon magungunan da za a lalata. Yarinyar tana waje tana jan gyalen uwarta, wai sai an saya mata gurasa.